Tsallen da jerin Fourier ba ya iya hawa lafiya

A ɗauki igiyar da ta fi kowace sauƙin zanawa. Daga x = 0 zuwa x = π tana zaune a kan 1, daga π zuwa 2π tana zaune a kan −1, sannan ta sake komawa sama, haka nan ba iyaka. Ba ta gangara a hankali, ba ta hawa a hankali: tsalle take yi, kuma girman kowane tsalle 2 ne. Ita ce ake kira igiyar murabba'i. Irinta ce inbata mai araha take fitarwa, inda wutar batir ke juya fuska gaba da baya, zagaye 50 a kowace daƙiƙa.

Abin da Joseph Fourier ya kawo wa masana a Paris a 1807, wanda ya fito cikakke a littafinsa na yaɗuwar zafi a 1822, shi ne cewa igiya irin wannan ana iya harhaɗa ta daga sayin da kosayin zalla. A nan ne hankali yake tsayawa. Sayin ba ya tsinkewa ko'ina. Ka haɗa biyu, ka haɗa dubu, abin da zai fito ba zai tsinke ba. To yaya jimlar abubuwan da ba sa tsinkewa za ta haifi abin da yake tsalle? Amsar da aka saba bayarwa a aji ita ce jerin yana dosar tsakiyar tsallen. Gaskiya ce, amma rabin labarin ke nan, kuma wanda ya tsaya a kanta zai sha mamaki ranar da ya zana abin da idonsa.

Bari mu fara fitar da jerin. Igiyarmu ta ɓangaren hagu kishiyar ta dama ce, wato f(−x) = −f(x). Sayin ma haka yake, kosayin kuwa ba haka ba ne, saboda haka kosayin ba shi da rabo a nan, kuma matsakaicin igiyar sifili ne. Sauran aiki shi ne gano nauyin kowane sin(nx), wanda za mu kira b_n. Dabarar ita ce a ninka igiyar da sin(nx), a ɗauki intagiral a kan zagaye ɗaya. Duk sauran gaɓoɓin suna mutuwa, domin intagiral na sin(mx) sau sin(nx) a zagaye cikakke sifili ne muddin m da n sun bambanta, in kuma ɗaya suke yana ba da π. Abin da ya rage:

```
b_n = (2/π) ∫[0,π] sin(nx) dx = (2/π)(1 − cos nπ)/n
```

Idan n tana rabuwa biyu daidai, cos nπ = 1, nauyin ya zama sifili. Idan ba ta rabuwa, cos nπ = −1, nauyin ya zama 4/(nπ). Jerin ke nan:

```
f(x) ~ (4/π)[ sin x + (sin 3x)/3 + (sin 5x)/5 + (sin 7x)/7 + ... ]
```

Ga mai inbata ma'anar wannan a fili take. Bayan igiyar asali mai zagaye 50, akwai wata mai 150 da tsayinta sulusin na farko ne, da mai 250, da mai 350, suna tafe. Igiyar asali kashi 81 cikin ɗari kawai na ƙarfin take ɗauke da shi, wato 8/π². Ragowar yana cikin na saman, kuma su ne ke sa fanka gurnani da ɗaukar zafi.

Kafin mu je bakin tsallen, mu gwada jerin a wuri mai lafiya, tsakiyar shimfiɗar sama, x = π/2, inda amsa ta kamata ta zama 1. A nan sayin ɗin suna ba da 1, −1, 1, −1 bi da bi. Gaɓa ɗaya tana ba da 1.273. Biyu, 0.849. Uku, 1.103. Huɗu, 0.922. Biyar, 1.063. Jimlar tana lilo sama da ƙasa tana matsowa, kuma kuskuren bayan gaɓoɓi N kusan 1/(πN) ne. Da gaɓoɓi ɗari ya sauko wajen 0.003. Tafiyar ba ta da sauri, amma ana isa. Wanda ya lura zai ga jerin Leibniz ne ya faɗo a hannunsa kyauta, 1 − 1/3 + 1/5 − 1/7 da sauransu, wanda jimlarsa π/4 ce.

Yanzu x = 0, kan tsallen kansa. Kowane sayin sifili ne a nan, saboda haka jimla sifili ce ko gaɓa nawa aka ɗauka. Hagu −1, dama 1, jerin ya zauna a tsakiya. Kada a ɗauka sa'a ce ta wannan misali. Peter Gustav Lejeune Dirichlet ya tabbatar a 1829 cewa igiyar da tsallenta da hawa-da-saukarta suke da adadi a cikin zagaye ɗaya, jerinta yana dosar f(x) a duk inda ba ta tsinke ba, a wurin tsalle kuma yana dosar matsakaicin ƙimar hagu da ta dama. Dalilin yana cikin yadda jimlar gaɓoɓi take aiki. Ana iya rubuta ta a matsayin wani awo na ƙimomin igiyar da ke kewaye da x, kuma ma'aunin ba ya fifita hagu a kan dama. Da gaɓoɓi suka yi yawa sai awon ya tattaru a dab da x, rabi daga wannan gefe, rabi daga wancan.

Akwai wani abu da ɗalibai suke yawan tuntuɓe da shi a nan. Malami zai rubuta f(0) = 1 a tambaya, ɗalibi ya ga haka ya ce jerin zai ba da 1 a sifili. Ina! Nauyin gaɓoɓi daga intagiral ya fito, intagiral kuma bai san da ɗigo ɗaya ba. Ka ce f(0) = 1, ka ce −1, ka ce 40, nauyin ba zai motsa ba. Jerin bai taɓa jin labarin ƙimar da ka ɗora a kan tsallen ba, abin da ke gefe da gefe kawai ya sani. Shi ya sa masu kula suke rubuta alamar ~ maimakon = har sai an duba wuraren tsalle. Idan igiyar tana tsakanin 0 da 5 ne, kamar siginar bolt 5 ta na'urorin lantarki, jerin zai zama 2.5 a haɗa da (10/π) sau wancan jerin sayin, kuma a wurin tsalle amsa 2.5 ce.

Har zuwa nan komai ya tafi daidai. Rigimar tana nan kusa da tsallen, ba a kansa ba.

Mu kira jimlar gaɓoɓi N na farko S_N. Idan aka zana ta, za a ga ta taso daga sifili da gudu, ta wuce layin 1, ta yi wani ɗan ƙaho, ta dawo ƙasa da layin, sannan ta ci gaba da ƙananan lilo. Kowa zai zata ƙara gaɓoɓi zai danne ƙahon. Mu bincika. Don gano ƙololuwa muna buƙatar gangaren S_N, kuma sa'ar da aka yi jimlar kosayin ɗin da ke fitowa tana dunƙulewa wuri ɗaya:

```
S_N'(x) = (4/π)[cos x + cos 3x + ... + cos (2N−1)x]
        = (2/π) · sin(2Nx) / sin x
```

Gangaren yana fara zama sifili ne lokacin da 2Nx = π. Ƙahon farko ke nan yana tsaye a x = π/(2N). Sai a sa wannan a cikin jimlar a ga tsayinsa. Da gaɓa ɗaya, a π/2, tsayin 1.273 ne. Da biyu, a π/4, 1.200. Da uku, a π/6, ana iya yinsa da hannu: 0.5 da 0.3333 da 0.1 sun ba da 0.9333, a ninka da 4/π a sami 1.188. Da biyar, a π/10, wato digiri 18, sayin ɗin da ake buƙata su ne na 18, 54, 90, 126 da 162. Bayan an raba kowane da lambarsa ana samun 0.3090, 0.2697, 0.2000, 0.1156 da 0.0343, jimla 0.9286, tsayi 1.182. Da goma, 1.180.

A dubi yadda lambobin suke tafiya. Daga ɗaya zuwa biyu an sauko sosai, daga biyar zuwa goma kuwa da ƙyar aka motsa. Ba 1 suke dosa ba. Wata lamba ce daban, kuma ana iya kamo ta. Tunda S_N(0) = 0, tsayin ƙahon shi ne intagiral na gangaren daga 0 zuwa π/(2N). Idan N babba ce wannan tazara ƙarama ce ƙwarai, sin t kusan t ne a cikinta. A sauya u = 2Nt, sai N ta ɓace daga lissafin gaba ɗaya:

```
tsayi → (2/π) ∫[0,π] (sin u)/u du = (2/π)(1.85194) = 1.17898
```

Ɓacewar N ita ce zuciyar maganar. Ƙara gaɓoɓi ba ya sauya siffar abin da ke faruwa a bakin tsallen, matse shi kawai yake yi. Ninka N sau goma, ka sami zane iri ɗaya sak, an dai tsuke faɗinsa sau goma. Zarcewar 0.179 ce, tsallen kuma 2 ne, saboda haka kashi 8.95 cikin ɗari na tsallen. Za a ga wasu suna cewa kashi 18, wasu kashi 9. Duk abu ɗaya suke nufi: na farko sun auna da tsayin igiya daga sifili, na biyu da cikakken tsalle. Na biyun ya fi amfani, domin shi ne yake aiki a kowace irin igiya. Kwarin da ke bin ƙahon, a x = π/N, shi ma yana da matsayarsa, wajen 0.903, kusan kashi 4.9 cikin ɗari na tsallen ƙasa da layi.

A siginar nan ta bolt 5, ƙahon zai kai kusan bolt 5.45. Idan zagayenta 50 ne a daƙiƙa, gaɓoɓi goma suna ajiye ƙahon rabin milisakan bayan tsalle, gaɓoɓi ɗari kuma su kawo shi milisakan 0.05. Tsayinsa dai yana nan.

To, shin Dirichlet ya yi kuskure ne? Ya ce a kowane wuri tsakanin 0 da π jerin yana dosar 1, ga shi kuma mun ga kuskuren 0.179 da ya ƙi tafiya. Duka biyun gaskiya ne, tambayoyi biyu daban suke amsawa. Dirichlet ya ce ka zaɓi wuri tukuna, ka tsaya cak, sannan ka ƙara gaɓoɓi. Mu gwada da x = 0.1, wanda yake kusa da tsalle. Da gaɓoɓi biyar jimlar 0.60 ce, ba ta ma gama hawa ba, ƙahon yana can dama a 0.314. Da gaɓoɓi 16 ƙahon ya iso kanmu, domin π/32 kusan 0.098 ne, jimlar ta kai wajen 1.18. Da ɗari ƙahon ya wuce mu zuwa hagu, yana 0.016, mu kuma muna 0.986. Da dubu, 0.998. A wannan wuri jerin ya isa, kamar yadda aka yi alkawari. Zaɓi 0.001, labarin ɗaya ne, sai dai za ka jira gaɓoɓi sau ɗari fiye da haka kafin ƙahon ya wuce ka. Kowane wuri yana da ranar da zai huta, amma babu wata N guda da za ta ishi dukkan wurare lokaci ɗaya. Idan ka tsayar da N tukuna sannan ka nemi wurin da ya fi muni, kullum akwai shi, ya dai ƙara matsawa jikin tsallen.

A gaskiya ma ba zai yiwu ya zama akasin haka ba. Akwai ƙa'ida sananniya cewa idan jerin zane-zane marasa tsinkewa suna matsowa ga wata igiya bai ɗaya, wato kuskure mafi girma a ko'ina yana sauka zuwa sifili, to igiyar da suka dosa ita ma ba za ta tsinke ba. Tamu tana tsinkewa, don haka matsowa bai ɗaya ta haramta tun daga farko. Amma a kula, wannan ƙa'ida ba ita ce ta haifi ƙahon ba. Abin da ta tilasta kawai shi ne a sami wata 'yar tazara kusa da tsalle inda jimlar take kan hanyar hawa, nesa da 1. Zarcewa sama da layi wani ƙari ne, kuma asalinsa wancan sin(2Nx)/sin x ne da ke sauya alama. Tudunsa na farko ya fi abin da ake buƙata, na biyu ya rage fiye da kima, na uku ya mayar da kaɗan, a haka ake daidaitawa.

Akwai kuma ma'auni na uku, wanda injiniyoyi suka fi damuwa da shi: matsakaicin murabba'in kuskure a zagaye ɗaya. Shi yana sauka lafiya, kusan 2/(π²N), wajen 0.02 da gaɓoɓi goma. Ƙaho mai tsayi amma siriri ba shi da fili mai yawa a ƙarƙashinsa. In ƙarfin wuta ake lissafi, ƙahon ba matsala ba ne. In kuwa tambayar ita ce ko siginar za ta taɓa haura wani mataki, ko na ɗan ƙiftawar ido ne, to shi ne dukkan matsalar.

Tarihin abin yana da ɗan ban dariya. Henry Wilbraham ya gano zarcewar a Ingila tun 1848, aikinsa ya kwanta ba wanda ya waiwaye shi. Bayan shekara hamsin aka yi musayar wasiƙu a mujallar Nature a kan jerin igiya mai haƙoran zarto, Albert Michelson yana cikin masu maganar. J. Willard Gibbs ya sa baki a ƙarshen 1898, amma a wasiƙarsa ta farko bai ga zarcewar ba, sai a 1899 ya dawo ya gyara. Maxime Bôcher ne ya yi cikakken bayani a 1906, ya kuma laƙaba wa abin sunan Gibbs. Sunan ya bi wanda ya zo na biyu, kuma a ganina Wilbraham yana da haƙƙin a riƙa ambatonsa.

Igiya mai haƙoran zarton ba ta buƙatar dogon aiki tunda hanya ta buɗe. A ɗauki f(x) = x tsakanin −π da π, a maimaita. Jerinta shi ne:

```
x ~ 2[ sin x − (sin 2x)/2 + (sin 3x)/3 − (sin 4x)/4 + ... ]
```

A nan kowace n tana da rabo. Tsallen yana x = π, daga π a faɗo −π, girmansa 2π. Jerin yana ba da sifili a wurin, tsakiya ke nan. Ƙahon yana dosar 3.704, wato π da ƙarin 0.562, kuma 0.562 a raba da 2π ya dawo da mu kan kashi 8.95. Ba mamaki. Duk wata igiya mai santsi da ke da tsalle ɗaya, idan ka cire mata igiyar zarto mai tsalle daidai da nata a wuri ɗaya, abin da ya rage ba ya tsinkewa, jerinsa kuma yana matsowa bai ɗaya. Duk fitinar tana cikin zarton da ka cire, shi ya sa kason bai damu da siffar sauran igiyar ba.

Daga nan ake samun hanyar gane tsalle ba tare da an zana komai ba. Nauyin gaɓoɓin igiyoyin nan biyu yana raguwa kamar 1/n, kuma jimlar 1/n ba ta da iyaka. Igiya mai kusurwa amma marar tsalle, irin |x| da aka maimaita, nauyinta yana raguwa kamar 1/n², jimlarsa tana da iyaka, don haka babu ƙaho. Idan ka yi lissafin igiya mai tsalle ka sami 1/n² kaɗai, ko marar tsalle ka sami 1/n, koma ka duba aikinka. Wurin da aka fi mantawa shi ne mahaɗar zagaye: x ba ya tsinkewa tsakanin −π da π, amma da aka maimaita shi, ƙarshen wannan zagaye bai haɗu da farkon na gaba ba.

Mai son gani da idonsa layuka kaɗan sun ishe shi:

```python
import numpy as np
x = np.linspace(0, 0.5, 200001)
for N in (5, 50, 500):
    S = sum(np.sin((2*k-1)*x)/(2*k-1) for k in range(1, N+1))
    print(N, 4/np.pi*S.max())
```

Zai ga 1.182 a farko, sannan 1.179 sau biyu. Na sa ɗigogi da yawa da gangan. Idan tazarar da ke tsakanin ɗigogin zane ta fi π/(2N) faɗi, kwamfuta tana iya tsallake ƙahon, mutum ya ga zane mai tsabta ya ɗauka zarcewar ta mutu da yawan gaɓoɓi. Alamar wannan ruɗi ita ce tsayin ƙahon ya riƙa hawa da sauka ba tsari duk lokacin da aka sauya N ko yawan ɗigogi.

Ana iya kashe ƙahon, amma da farashi. Lipót Fejér ya nuna a 1900 cewa idan aka ɗauki matsakaicin jimlolin bi da bi maimakon ta ƙarshe kaɗai, sakamakon ba ya taɓa haura ƙololuwar igiyar ko ya sauka ƙasa da ƙasanta, domin ma'aunin da ke fitowa ba ya sauya alama. A aikace wannan yana nufin a rage nauyin gaɓoɓi a hankali maimakon a yanke jerin lokaci ɗaya. Ga gaɓoɓinmu biyar, na 1, 3, 5, 7 da 9, sai a ninka su da 0.9, 0.7, 0.5, 0.3 da 0.1. A π/10, inda ɗazu ƙaho ya kai 1.182, yanzu ana samun 0.770. Babu zarcewa, amma hawan ya yi nauyi, har a tsakiyar shimfiɗa ma, a π/2, jimlar 0.936 kawai ta kai. Mai aikin da bakin tsalle mai kaifi ya fi masa muhimmanci zai haƙura da kashi 9 ɗin ya yanke jerin yadda yake. Wanda kuma haura layi zai ɓata masa aiki sai ya ɗauki hanyar Fejér, ya ƙara gaɓoɓi don ya rama kaifin da ya rasa.